WALƘIYA A IDO KAFIN CIWON ƁARIN KAI: YADDA ZA KA BAMBANCE TA DA SHANYEWAR JIKI

 

Yau za mu yi bayani ne a kan wani abu da ke tayar wa mutane hankali a gidaje. Mutum yana zaune lafiya lau, sai ya fara ganin wani haske yana wal-wal a gefen idonsa, ko wasu layuka karkatattu kamar haƙoran zarto, ko ya ji yatsunsa sun ɗauki ƙaiƙayi irin na tafiyar kiyashi. Bayan ɗan lokaci abin ya wuce, sai matsanancin ciwon kai ya sauko, galibi ɓari ɗaya, da tashin zuciya da ƙin haske.

Wannan ciwon kai shi muke kira ciwon ɓarin kai, Larabawa kuma su ce shaƙiƙa. Tsohon ciwo ne, domin ya zo a Sahihul Bukhari cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a kansa yana cikin harami saboda shaƙiƙa. Alamomin da ke riga ciwon zuwa kuwa likitoci suna ce musu "ora". Ba kowane mai ciwon ɓarin kai ke samunsu ba, kamar mutum 1 ne cikin 3 ko 4.

*YADDA ABIN YAKE ZUWA*

Mu ɗauki misalin wata uwargida 'yar shekara 32, mai ɗinki a gida. Daren jiya ba ta yi barci sosai ba, da safe kuma ba ta karya ba. Ƙarfe 2:00 na rana tana son zura zare a allura, sai ta ga ramin allurar ya ɓace mata. Wani ɗan ɗigo ne mai ƙyalli ya zauna kusa da tsakiyar inda take kallo.

Ƙarfe 2:10 ɗigon ya buɗe ya zama kamar jinjirin wata, bakinsa cako-cako, yana rawa yana walƙiya, yana matsawa hagu a hankali. Duk inda ya ratsa sai ya bar dishi-dishi a bayansa, har ta kalli ɗanta ta ga rabin fuskarsa babu. Zuwa 2:25 ya kai ƙarshen gefen gani ya fice, idonta ya washe.

Daga nan sai yatsun hannunta na hagu suka fara tsattsaki kamar ana soka mata ƙananan allurai. Abin ya hau tafin hannu, ya hau damtse, cikin minti 15 ya isa gefen leɓe da rabin harshe. Amma tana iya ɗaga hannun, tana iya riƙe kofi. Wajen 2:50 wannan ma ya sake ta. Ƙarfe 3:00 sai kanta ya fara sara ta dama, ta nemi ɗaki mai duhu ta kwanta.

Ka lura da abubuwa uku a wannan labari. Abin ya fara ƙarami ya girma a hankali. Alamomin sun zo bi da bi, na ido ya gama sannan na hannu ya karɓa. Kuma kowanne ya tafi gaba ɗaya bai bar komai ba. A ƙa'idar likitoci kowace alama tana ɗaukar minti 5 zuwa 60, ciwon kan kuma yakan biyo baya cikin awa guda. Wasu har harshensu kan harɗe na ɗan lokaci, kalmar da suka sani sarai ta ƙi zuwa. Wasu kuma, musamman masu manyan shekaru, sukan ga walƙiyar amma ciwon kan bai zo ba sam.

*ME KE JAWO SHI?*

Da yawa suna zaton matsalar ido ce, su tafi neman gilashi ko tozali. Wasu a gida a ce musu gamo suka yi, ko an yi musu jifa. To gaskiyar magana daga ƙwaƙwalwa abin yake tasowa.

Sashen da ke kula da gani yana can bayan ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya. Ƙwayoyin wurin suna aiki ne da ɗan ƙaramin lantarki. Idan ora za ta fara, sai wasu ƙwayoyi su tashi da aiki fiye da kima, su tayar da maƙwabtansu, su ma su tayar da na gaba. Duk waɗanda suka gama sai su yi lakwas na ɗan lokaci kafin su farfaɗo. Ka ɗauka kamar wutar daji ce a busasshiyar ciyawa: bakin wutar shi ne walƙiyar da kake gani, inda ta cinye ta wuce kuma shi ne dishi-dishin da ke biye da ita.

Wannan abu yana tafiya ne kamar milimita 3 a minti ɗaya, ka ga tafiyar hawainiya ce. Wani masani ɗan ƙasar Burazil, Aristides Leão, shi ya fara bayyana shi a 1944 a binciken da ya yi kan ƙwaƙwalwar zomaye. Wannan jinkiri shi ya sa ora ke ɗaukar mintuna kafin ta bazu. Idan ta taɓa sashen da ke kula da jin taɓi a jiki, sai tsattsakin ya fara. Dalilin da ya sa yake tsallakawa daga hannu zuwa baki kuwa, wurin hannu da wurin baki maƙwabtan juna ne a ƙwaƙwalwa.

Ga gwajin da za ka yi da kanka in abin ya zo. Rufe idon dama da tafin hannu ka duba, sannan ka rufe na hagu ka duba. Idan ora ce za ka ga walƙiyar tana nan ko wane ido ka rufe, kuma a gefe ɗaya. Ko duka biyun ka runtse za ka ci gaba da ganinta. Idan kuwa ka rufe ido ɗaya abin ya ɓace, to matsalar a cikin wannan idon take, kuma magana ta canza.

*INDA HAƊARIN YAKE*

Ita ora a karan kanta takan wuce ba tare da ta yi ɓarna ba. Abin tsoro shi ne a ɗauki shanyewar ɓarin jiki a matsayin ora, a ce wa mutum ya kwanta zai wuce.

Babban bambancinsu yana ga yadda suke farawa. Ora tana rarrafowa cikin mintuna. Shanyewar jiki kuwa farat ɗaya take faɗowa, cikin daƙiƙu, duk alamomin tare. Haka kuma ora yawanci ƙaro maka wani abu take yi, wato haske, layuka ko tsattsaki. Shanyewar jiki kuwa ɗauke maka take yi: gani ya tafi, hannu ya mutu, ƙarfi ya ƙare.

A garzaya asibiti nan take idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun yi nauyi ba sa ɗaguwa, ko magana ta sarƙe kwatsam.
2. Alama ɗaya ta wuce awa guda ba ta tafi ba.
3. Ganin ido ɗaya tak ya ɗauke, ko ana ganin baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo tare da walƙiya da wani duhu kamar an sako labule. Wannan yana iya zama fatar gani ta cikin ido ce ke ɓallewa, jinkiri na jawo makanta.
4. Ciwon kai ya faɗo lokaci guda da tsananin da ba a taɓa jin irinsa ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya.
5. Mai juna biyu da cikinta ya haura wata 5, ko mai jego, ta fara ganin walƙiya da ciwon kai. A auna jininta a ranar, domin hawan jinin masu ciki kan kai ga jijjiga.
6. Wannan ne karon farko, musamman ga wanda ya manyanta, ko mai hawan jini, ciwon suga ko sikila.

Idan kuna zargin shanyewar jiki, kada a ɗura wa mutum ruwa, rubutu ko wani jiƙo, domin haɗiyarsa na iya lalacewa ya shaƙe. Kada a ba shi asfirin kafin likita ya duba. A riƙe lokacin da abin ya fara, a yi masa addu'a ana tafe a hanya. Ko da alamomin sun wuce da kansu bayan 'yan mintuna, a je, domin wani lokaci gargaɗi ne na babbar da ke tafe.

*IDAN LIKITA YA TABBATAR ORA CE*

Da ka ga ta fara, duba agogo. Idan kana tuƙin mota ko babur, sauka gefen hanya ka tsaya har ganinka ya dawo. Uwargida ki sauke tukunya, ki ajiye wuƙa. A nemi wuri mai duhu mara hayaniya, a sha ruwa.

Maganin ciwon kai ya fi aiki idan an sha da wuri, kafin ciwon ya kankama. Babban mutum na iya shan farasitamol miligiram 1000, ko aibufurofin miligiram 400 bayan ya ɗan ci wani abu. Mai olsa, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su guji aibufurofin da asfirin. A nisanci tiramol. Kuma a sani, wanda ke shan waɗannan magunguna kwana 15 ko fiye a kowane wata, maganin da kansa kan koma jawo masa ciwon kai. Idan ciwon na yawan dawowa, akwai magungunan rigakafi da likita ke rubutawa.

'Yar uwa, ga wata magana ta musamman gare ki. Idan kina ganin wannan walƙiya, to ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarai biyu, wadda ke ɗauke da isturojin, ba taki ba ce, domin haɗuwarta da ora na ƙara haɗarin shanyewar jiki. Ki faɗa wa ma'aikaciyar asibiti da bakinki, akwai wasu hanyoyin da za su dace da ke. Mai shan sigari ma haɗarinsa na ƙaruwa, ya yi ƙoƙari ya daina.

Daga ƙarshe, samu ɗan littafi. Duk ranar da abin ya zo, rubuta lokacin da ya fara, ta wane gefe, minti nawa ya yi, da yadda barcinka da cin abincinka suka kasance. Yunwa, ƙishirwa, ƙarancin barci, damuwa, ƙyallin rana da lokacin al'ada suna cikin abubuwan da suka fi tayar da shi. Shi ya sa wasu ke fama da shi a farkon azumi, don haka kada a bar sahur, kuma a sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da asuba. Wannan littafin shi za ka kai wa likita, domin da bayaninka ake gane ora, hoton ƙwaƙwalwa galibi don a kore wasu cututtukan ake yinsa.

A tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai fama da shi yana ɓoyewa don tsoro. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.