Kuɗin da ke rataye a hanya

Mai shago ya saka katin abokin ciniki a na'urar POS, banki ya cire kuɗin, amma na'urar ba ta ce an amince ba. Nan ake fara gardama.

Idan manhajar banki ta nuna Pending, saƙon yana hanya, ba a yanke hukunci ba tukuna. Wanda ya yi gaggawar sake biya zai iya biya sau biyu, kuma laifin nasa ne. Failed kuwa na nufin cinikin bai shiga ba, kuɗin da aka cire za su dawo, sai a ga Reversed. Cancelled wani ne ya dakatar da kansa. Successful kaɗai ke ba mai shago damar miƙa kaya, bayan ya duba asusunsa.