Satar Fasaha a Jingar Ɗaliban Jinya: Sauya Kalmomi Ba Ya Wanke Ɗalibi

Duk malamin da ya daɗe yana duba jingar ɗaliban jinya ya san irin sakin layin nan. Ɗalibi na tafiya da Turancinsa na yau da kullum, sai kwatsam a shafi na uku jimloli su yi tsawo, kalmomi su yi nauyi, wasu ma su zauna inda bai dace ba. Abin da ya faru a fili yake. Ya buɗe maƙalar wata mujallar bincike a gefe, ya bi ta jimla bayan jimla, yana cire kalma yana sa 'yar'uwarta. A ganinsa ya sake faɗin maganar da bakinsa. A dokar makaranta kuwa wannan satar fasaha ce, ko da ya rubuta sunan mai maƙalar a ƙarshen sakin layin, domin sunan yana nuna inda aka samo ra'ayi ne kawai, alhali ginin jimlar da jerin hujjojin duk na wani ne.

Mu ɗauki maƙalar da ɗaliban jinya ke yawan kafa hujja da ita. A shekarar 2014 mujallar The Lancet ta buga binciken Linda Aiken da abokan aikinta, wanda ya duba bayanan majinyata 422,730 masu shekara 50 zuwa sama da aka yi wa tiyata a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara. Sun gano cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nauyin da nas take ɗauka yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwa cikin kwana 30 daga ranar kwantarwa. Sun kuma ga cewa idan yawan nas-nas masu digiri ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, yiwuwar mutuwar tana raguwa da kashi 7.

To, ga ɗaliba tana rubuta jinga a kan ƙarancin ma'aikata a ɗakin marasa lafiya. Idan ta bi hanyar sauya kalmomi, ta faɗa ramin da muka ambata. Akwai kuma rami na biyu, wanda a ganina ya fi haɗari a aikin jinya. Don gudun kada a ce ta kwafa, sai ta rubuta cewa bincike ya tabbatar ƙarancin nas-nas yana kashe kashi 7 cikin ɗari na majinyata. Babu kalmar da ta sata, amma ta ɗora wa masu binciken maganar da ba su yi ba. Binciken na lura ne da bayanan da asibitoci suka riga suka tara, saboda haka alaƙa ya nuna, bai tabbatar da sanadi ba. Kashi 7 ɗin ƙari ne a kan haɗarin da yake akwai tun farko, ba adadin waɗanda suka mutu ba. Sannan maganar ta majinyatan tiyata ce a Turai. Wanda zai ɗauko ta ya kawo ɗakin haihuwa a Kano ko Damagaram dole ya faɗi a fili cewa kwatanci yake yi.

Hanyar da ke fitar da mutum daga ramukan biyu tana ɗan cin lokaci. A karanta maƙalar, ba taƙaitawar da ke samanta kaɗai ba, har sai an iya amsa tambayoyi huɗu: su wa aka bincika, ta wace hanya, me aka samu, kuma wace iyaka masu binciken suka faɗa da kansu. A rubuta amsoshin a gajarce cikin littafi, da lambar shafi. Sai a rufe maƙalar. A nan ɗalibinmu yana da sa'ar da bai cika lura da ita ba: zai iya yi wa abokin karatunsa bayanin da Hausa, da baki, sannan ya zauna ya rubuta da Turanci. Jimlar da ta ratsa ta Hausa da wuya ta dawo da ƙirar ta asali. Bayan an rubuta sai a sake buɗe maƙalar a gwada, a duba ko alƙaluma sun yi daidai, ko kuma wata doguwar gaɓa ta maƙale a ƙwaƙwalwa ta fito yadda take.

Abin da ɗalibar za ta samu zai yi kama da haka: a wani babban bincike na asibitocin Turai, an ga cewa inda nas ɗaya ke kula da majinyata da yawa, haɗarin mutuwa bayan tiyata ya fi yawa, da kimanin kashi 7 cikin ɗari a kan kowane ƙarin majinyaci ɗaya. A tsarin APA, wanda makarantun jinya da dama ke bi, sai ta liƙa wannan a ƙarshen jimlar:

```
(Aiken et al., 2014)
```

Bugu na bakwai na tsarin, wanda ya fito a 2019, ya ce idan marubuta sun kai uku a rubuta sunan na farko kawai da wannan gajeriyar alama tun daga ambato na farko. Shekarar ba ado ba ce. Aiken tana da wani bincike na 2002 a mujallar JAMA, a asibitocin jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda shi ma ya fito da kashi 7. Ɗalibin da ya rubuta 2002 yana maganar Turai ya tura mai karatu wata nahiya. Wasu makarantun tsarin Harvard suke bi, wasu Vancouver mai amfani da lambobi, don haka a duba takardar ƙa'idar sashe kafin a fara. Ko wanne ne, duk sunan da ya fito a cikin rubutu dole a same shi a manazarta, duk wanda ke manazarta kuma a same shi a cikin rubutu.

Ba kowace kalma ake taɓawa ba. Sunan magani, sunan cuta, ma'aunin allura, sunan kayan aiki, duk a bar su yadda suke, ba wanda zai kira wannan sata. Ɗalibin da ya je neman wata kalma a madadin sunan cuta ya ɓata ma'ana a banza. Idan kuwa ma'anar wani abu ce da hukuma ta tsara, wadda sauya ta zai rage mata, gara a kawo ta yadda take cikin alamar zance, tare da lambar shafi. Amma jingar da ta cika da irin wannan ba ta nuna wa malami cewa an fahimta.

Saura wata ɗabi'a da ake yi ba a ɗauke ta laifi ba. Ɗalibi ya ga an ambaci binciken Aiken a cikin littafin darasi, sai ya sa shi a manazartarsa kamar ya karanta. Idan littafin ya yi kuskure, ya gaji kuskuren ya kuma sa hannu a kai. Ko dai ya nemo asalin, ko ya nuna da kalmomin `as cited in` cewa ta hannun wani ya samu, ya sa littafin da ya karanta a manazarta.

Manhajar Turnitin, inda ake amfani da ita, kamanceceniyar rubutu take ƙirgawa, ba ta yanke hukunci. Jerin manazarta da sunayen cututtuka na iya ɗaga makin aikin da ba shi da laifi, aikin da aka kwashe ra'ayin wani ba tare da ambato ba kuma ya fito da maki kaɗan. Malami yakan buɗe rahoton ya duba inda launin ya taru. Idan ya taru a sakin layi guda daga tushe guda, yakan kira ɗalibin ya ce ya rufe takarda ya yi masa bayanin sakin layin da baki.