Idan kamfanin inshora ya yi gum: yadda ake kai kuka gaban NAICOM

Kamfanin inshora da ba ya son biya ba kasafai yake fitowa fili ya ce ba zai biya ba. Abin da aka fi gani shi ne shiru. A buga waya a ce fayil yana hannun manya, a je ofis a ce mai kula da shi ya tafi hutu, a aika wasiƙa ta shige kamar an jefa dutse a rijiya. Mai neman diyya yakan shafe watanni a haka yana zaton ba shi da wurin zuwa sai kotu, alhali akwai hukumar da aka ɗora wa sa ido kan kamfanonin: Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997. Hedikwatarta na Garki a Abuja, tana da ofishin shiyya a Kano, kuma tana da sashen da aikinsa karɓar koke-koken masu inshora. Kamfanonin takaful ma suna ƙarƙashinta. Inshorar lafiya ce ba hurumin ta ba, wannan ta hukumar NHIA ce.

Matsalar mai kukan ita ce shiru ba shi da rasit. Wanda aka rubuto wa an ƙi biyansa yana da takardar da zai nuna, wanda aka yi banza da shi kuwa sai ya tabbatar da cewa ya yi magana ba a amsa ba. Shi ya sa ƙashin bayan ƙorafi irin wannan shi ne jerin kwanan wata, kowane da shaidarsa.

Bari mu ƙaddara wani ɗan kasuwa mai shagon atamfa a Kano, misali ne kawai domin a ga yadda abin ke tafiya. Ya yi wa kayansa inshorar gobara ta naira miliyan 12. Wuta ta tashi a layinsu a Fabrairun 2024, ta cinye masa kayan naira miliyan 9. Ga yadda jerinsa ya kamata ya fito a cikin wasiƙar:

14 ga Fabrairu 2024: gobara ta auku. Shaida: rahoton 'yan kwana-kwana da hotuna.
16 ga Fabrairu: na kai wa kamfani sanarwa a rubuce. Shaida: kwafi mai hatimin karɓa.
23 ga Fabrairu: na miƙa fom ɗin neman diyya da rasitan kaya.
6 ga Maris: mai ƙiyasta asara ya zo ya duba shago.
10 ga Mayu: kamfani ya rubuto tayin naira miliyan 7.2.
20 ga Mayu: an ba ni takardar sallama, na sa hannu na mayar a ranar.
24 ga Yuni da 29 ga Yuli: wasiƙun tuni biyu, babu amsa.
26 ga Agusta: wasiƙar ƙarshe ga manajan darakta, da wa'adin kwana 14, babu amsa.

Duk jerin nan, layin 20 ga Mayu ne ya fi nauyi. Takardar sallama, wadda 'yan inshora ke kira bauca, ita ce wadda kamfani ke bayarwa bayan ya amsa cewa zai biya kuma an daidaita kan adadi. Sashe na 70 na Dokar Inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin misalinmu, ya ce daga ranar da aka bayar da ita kamfani yana da kwana 90 ya biya. A ƙirga daga 20 ga Mayu, wa'adin ya cika ranar 18 ga Agusta. Idan mutuminmu ya rubuta ƙorafinsa ranar 18 ga Satumba, ba zai ce "sun daɗe suna yi mini yawo da hankali" ba. Zai ce wa'adin doka ya cika kwana 31 da suka wuce, ga bauca, ga kwanan watanta. Jami'in da ya karanta wannan ba ya bukatar yarda da kowa, ƙidaya kawai zai yi.

To, idan fa ba a kai ga bauca ba, kamfani ya karɓi takardu ya yi shiru tun farko? Sashen ya tanadi wannan ma. A lokacin da dokar 2003 ke aiki, kamfanin da bai yarda zai biya ba dole ne ya rubuto dalilinsa cikin kwana 90 daga ranar da aka miƙa masa neman diyyar. Wato agogo biyu ne, kuma kowanne da ranar da yake fara bugawa. Ga wanda ba a ba shi tayi ba, ranar miƙa fom ita ce madogararsa, a misalinmu 23 ga Fabrairu. A nan kamfanoni kan sami mafaka, su ce takardu ba su cika ba, don haka lissafi bai fara ba. Maganinsa shi ne ranar da za ka miƙa kaya ka haɗa da wasiƙa mai lissafa duk abin da ka kawo ɗaya bayan ɗaya, a buga hatimi a kan kwafinka. In an nemi ƙarin wata takarda daga baya, ranar da aka nema da ranar da ka kai su ma su shiga jeri.

A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003 kuma ta ƙara matsa wa kamfanoni kan biyan diyya a kan lokaci. Wanda asararsa ta auku bayan haka, da sabuwar dokar zai kafa hujja. Yadda ake gina jerin dai bai sauya ba.

Wace irin shaida ce ke tsayawa? Kwafi mai hatimi da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa ya fi komai. Sai imel da aka aika adireshin kamfani na ainihi, a buga shi a takarda yadda rana da adireshi za su fito. Sai rasit ɗin kamfanin aika saƙo mai nuna an isar. Kiran waya shi kaɗai iska ne, sai dai in ka bi shi da ɗan saƙo a ranar: mun yi magana yau da wane, ya ce kaza. A ganina kuskuren da ya fi kashe mutanenmu shi ne yin komai ta hannun ejan ɗin da ya sayar musu da inshorar, domin an san juna, ana jin nauyin a tsallake shi. Wata shida ana WhatsApp da shi yana cewa "Alhaji, a ƙara haƙuri, ina kan maganar," ranar da hukuma ta tambayi kamfani sai ya ce shi bai ga wasiƙa ko ɗaya ba. Ba laifi a ci gaba da gaisawa da ejan, amma takarda ta tafi ofis.

Kafin a rufe ambulan akwai abu biyu da ya kamata mutum ya duba da kansa, don kada a kunyata shi. Na farko rasit ɗin biyan kuɗin inshora. Ƙa'idar ita ce in ba a biya ba, babu kariya, kuma wannan ce tambayar farko da kamfani zai ɗaga. Dokar 2003 ta ce kuɗin da dillalin inshora ya karɓa tamkar kamfani ne ya karɓa, amma sai da rasit za a iya nuna hakan. Na biyu shi ne a san ainihin abin da ake kuka a kai. Mutuminmu ya yi asarar miliyan 9, aka yi masa tayin 7.2, kuma zuciyarsa za ta raya masa ya cusa wannan ma a cikin ƙorafin. Sai dai in mai ƙiyasi ya gano cewa kayan da ke shagon ranar gobara sun kai miliyan 15, shi kuwa na miliyan 12 ya yi wa inshora, to kashi huɗu cikin biyar ya rufe, kuma kashi huɗu cikin biyar na asarar za a biya shi: miliyan 9 sau 12 a raba da 15, ya ba da 7.2. Wannan sharaɗi yana cikin yawancin takardun inshorar gobara. Ga shi kuma ya sa hannu a bauca, wadda galibi ke cewa ya karɓi adadin a matsayin cikakken biya. Duk wanda bai gamsu da adadi ba, kafin sa hannu ake yin gardama. Idan ya gwama maganar ragi da maganar jinkiri, ya ba kamfani damar rubuta shafi uku kan ragin ya tsallake jinkirin.

Ita kanta wasiƙar ba ta bukatar lauya, kuma shafi biyu sun isa. Da Turanci aka saba rubutawa, ana aika ta ga Kwamishinan Inshora, wanda shi ne shugaban hukumar, da nuni cewa ta sashen koke-koke ce. A sama a sa sunan kamfani, lambar takardar inshora, lambar neman diyya in an bayar, da adadin kuɗi. Sai sakin layi ɗaya mai faɗin abin da ya faru, sai jerin kwanan wata, kowane layi da lambar takardar da aka maƙala masa. Kwafi ake maƙalawa, na asali su zauna a gida. Zagi da kiran mutane ɓarayi ba sa ƙara wa takarda ƙarfi.

Sakin layin ƙarshe shi ne na bukata, kuma nan da yawa ke yin sakaci su ce "a taimaka a duba lamarina." A faɗi abin da ake so ƙarara: hukuma ta umarci kamfani ya biya naira miliyan 7.2 da ya amince da ita. Akwai ma wani tanadi da mutane kaɗan suka sani. Kowane kamfanin inshora yana da ajiyar dole a Babban Bankin Najeriya, kuma sashe na 70 na dokar 2003, kafin a maye gurbinta a 2025, ya ba mai inshora damar roƙon hukumar ta biya shi daga wannan ajiya idan wa'adi ya wuce. Ambaton wannan a wasiƙa yana nuna wa kamfani cewa mai kukan ya san inda kuɗinsu yake. A aika wa manajan daraktan kamfanin kwafi, sannan ita ma hukumar a karɓi hatiminta a kan kwafin da za a riƙe.

Abin da ke biyo baya yawanci shi ne hukumar ta rubuta wa kamfani ta nemi bayaninsa, in ta kama ta zaunar da ɓangarorin biyu. Inda aka riga aka amsa bashi kamar na ɗan kasuwarmu, kamfani ba shi da abin faɗa mai yawa. Inda kuwa ake jayayya ta gaske, misali kamfani na zargin da gangan aka sa wutar, maganar na iya ƙarewa a gaban masu sulhu ko kotu. Don haka a karanta sharuɗɗan takardar inshora tun da wuri, domin wasu suna ƙayyade watannin da mutum ke da su ya shigar da ƙara bayan an ƙi biyansa, kuma kada a ɗauka kai kuka NAICOM ya dakatar da wannan wa'adi. In ranar ta matso hukuma ba ta kammala ba, a ga lauya da jerin da takardunsa a hannu.