Nauyin Mota Fanko, Iyakar Nauyi da Lodi: Yadda Ake Bambance Su

Kowace mota tana da alƙaluman nauyi guda uku, kuma rikita su ne ke sa a yi mata lodin da ya fi ƙarfinta.

Na farko shi ne nauyin mota fanko, wato nauyinta yadda ta fito daga kamfani, a shirye take ta hau hanya. Ya haɗa da man inji, da ruwan lagireto, da man da ke tanki, amma babu mutum ko kaya a ciki. Wasu kamfanonin Turai suna ƙara kilo 75 na direba a wannan lissafi, don haka yana da kyau a duba littafin motar.

Na biyu shi ne iyakar nauyi, wato nauyin da kamfani ya ƙayyade cewa kada motar ta wuce shi, idan an haɗa ita kanta da mutane da kaya baki ɗaya. Kamfani yana fitar da shi ne bisa ƙarfin birki da tayoyi da sifirin. Akan same shi a wani ɗan allo da ke jikin ƙofar direba, an rubuta GVWR ko GVM.

Na uku shi ne lodi. Ana samun sa idan aka cire nauyin fanko daga iyakar nauyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka lodi na nufin kayan da ke baya kawai, alhali direba da yaran mota da duk ƙarfen da aka ƙara wa motar suna cikinsa.

A ɗauki misalin a-kori-kura mai nauyin fanko kilo 2,100 da iyakar nauyi kilo 3,100. Lodinta kilo 1,000 ke nan. Direba da yara biyu, kowanne kilo 70, sun cinye 210. Ƙarafan da mai walda ya ƙera a baya sun ɗauke 90. Abin da ya rage kilo 700 ne, wato buhun siminti 14 mai kilo 50. Wanda ya ɗora buhu 20 don ya ji an ce motar tana ɗaukar tan guda, ya zarce iyaka da kilo 300.

Ko da lodi bai wuce iyaka ba, tayoyin gaba da na baya kowanne da nasa ƙa'idar. Idan aka jibge kaya can ƙarshen baya, sai bayan motar ya durƙusa, fitilu su haska sama, sitiyari ya yi sako-sako. Idan kuwa nauyi ya yi yawa, birki yakan ɗauki nisa kafin ya tsayar da motar, tayoyi su yi zafi har su fashe, sifirin ya karye. Hanyar tabbatar da gaskiya ita ce a hau babban sikelin auna motoci da kayan a kai, sannan a gwada abin da ya nuna da adadin da ke jikin ƙofa.