Madobiyar Taraba: yadda ake ƙiyasta darajar daji, da matsalar tambayar "nawa za ka biya?"

A shekarun da cinikin madobiya ya bunƙasa a Jihar Taraba, manyan motoci sun riƙa fitowa da gumagumanta daga ƙananan hukumomi irin su Bali da Gashaka, ana kai su tashar jiragen ruwa ta Legas, daga can sai ƙasar Sin. 'Yan katako na kiranta madrid. Ɓarnar ta kai ga cewa a farkon 2017 an sanya bishiyar cikin jerin nau'o'in da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, sannan a ƙarshen 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya zuwa ƙetare.

Duk tsawon wannan lokaci, farashi ɗaya kawai madobiya take da shi: kuɗin gungumenta bayan an sare ta. Abin da take yi tana tsaye bai shiga lissafin kowa ba. Wannan giɓi ne masana tattalin arzikin muhalli ke ƙoƙarin cikewa.

Wani babban nazari da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki nauyinsa, wanda aka kammala a 2005, ya raba alfanun muhalli gida huɗu, kuma ana iya ganin su duka a jikin madobiya. Akwai abin da ake ɗiba da hannu: katako, ɓawon da ake haɗa magani da shi, da ganyen da makiyaya ke sassaɓo wa shanu idan ciyawa ta ƙare da rani. Akwai aikin daidaita yanayi, wato yadda saiwoyi ke riƙe ƙasa a gangaren tudu, suna rage gudun ruwan sama. Akwai alfanun al'ada da nishaɗi da ilimi, kamar ziyarar Gandun Dajin Gashaka Gumti. Na huɗun shi ne ginshiƙin sauran: gina ƙasar noma da sabunta takinta, aikin da madobiya ke taimakawa a kai domin dangin wake ce. Masu lissafi ba sa sanya wa wannan na huɗun kuɗi daban, domin ya riga ya shiga cikin ganye da hatsin da aka ƙirga. In aka sake ƙirga shi, an biya abu ɗaya sau biyu.

Ƙiyasin abin da ake ɗiba shi ne mafi sauƙi. Idan ana sayar da shi, sai a ɗauki farashin kasuwa a cire kuɗin ƙwadago da sufuri. Idan ba a sayar da shi, sai a tambayi abin da zai maye gurbinsa: makiyayin da ya rasa ganyen madobiya, damin harawa nawa ko buhun dusa nawa zai saya kafin ruwa ya sauka? Da hanyar auna amfanin gona da kifi da itace ne Edward Barbier da abokan aikinsa suka nuna, a shekarun 1990, cewa ruwan da ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru ya fi kawo riba a kan wanda ake tarewa domin manyan ayyukan noman rani a sama.

Aikin daidaita yanayi ya fi wuya. Mazauna Jalingo ba su manta ambaliyar watan Agusta na 2005 ba, wadda ta karya gadar Nukkai, mutane da dama suka rasu. Ana iya lissafa kuɗin gada da gidaje da gonaki. Amma kafin a ce daji ya kare kaso kaza na irin wannan asara, sai an sami bayanan ruwan sama da na hawan Kogin Lamurde na shekaru masu yawa. Ba tare da su ba, adadin zato ne.

Saura abin da ba shi da kasuwa ko madadi, kamar son mutum ya san jikokinsa za su tarar da dajin. A nan ne masu bincike ke ɗaukar takardar tambayoyi su bi gida-gida: "Nawa za ka iya biya a wata domin a kare dajin nan?" Sai a fitar da matsakaicin amsoshin, a ninka da yawan gidaje. Hanyar ta yi suna bayan malalar man jirgin Exxon Valdez a Alaska a 1989, inda wani bincike ya ƙiyasta irin wannan asara a kan dala biliyan 2.8.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙaga domin bayani kawai. A ce an tambayi magidanta 400 a Jalingo. Mutum 160 sun ce ko sisi, 200 sun ce naira 300, 40 kuma sun ce naira 3,000. Jimilla naira 180,000, matsakaici naira 450. Idan aka ninka da gidaje 50,000 na wata 12, darajar dajin ta zama naira miliyan 270 a shekara.

Sai dai mutum 40 ɗin nan, kashi ɗaya cikin goma, su ne suka ba da kashi biyu cikin uku na kuɗin. Matar da ke dafa abinci da itacen dajin kullum ta ce 300 domin iyakar ƙarfinta ke nan. Ma'aikacin da bai taɓa shiga dajin ba ya rinjaye ta sau goma. Tambayar ta auna aljihu, ba ta auna dogaro ba.

Sannan ga masu cewa ko sisi. A ce 100 daga cikinsu ba dajin suka raina ba. Cewa suke yi aikin gwamnati ne, ko kuma ba su yarda kuɗin zai isa inda aka nufa ba. Masu bincike sukan cire irin waɗannan amsoshi. Da an cire su, matsakaicin ya koma naira 600, darajar ta kai miliyan 360. Ƙarin miliyan 90 ya fito daga alƙalamin mai bincike, ba a dasa ko bishiya ɗaya ba.

Akwai kuma kunya. Baƙo mai takarda ya zauna a zaure, an kawo masa ruwa; da wuya maigida ya ce masa ba zai ba da komai ba, musamman da ya san babu wanda zai dawo karɓa. Gwaje-gwaje da dama sun nuna abin da mutane ke faɗa yakan zarce abin da suke biya idan aka zo hannu da hannu.

Hanyar gane binciken da ya lalace ita ce a sauya girman abin da ake tambaya a kai. A wani sanannen gwaji a Amurka, an tambayi rukuni uku nawa za su biya a ceci tsuntsaye 2,000, ko 20,000, ko 200,000. Amsoshin sun fito dala 80, 78 da 88. Idan mazaunin Jalingo ya faɗi kuɗi ɗaya a kan kadada 100 da kadada 10,000, goyon baya yake nunawa, ba farashi ba. Kwamitin da Kenneth Arrow da Robert Solow suka jagoranta a 1993 ya amince da hanyar ne bisa sharuɗɗa: hira fuska da fuska, tambaya mai kama da ƙuri'ar "e ko a'a" a kan takamaiman kuɗi, tunatar da mai amsa sauran buƙatun gidansa, da wannan gwajin na girma.

Ga ƙauyukan da ke gefen daji, akwai matsalar da ta fi waɗannan duka. Tambayar "nawa za ka biya" tana ɗauka cewa dajin ba naka ba ne. Makiyayi ko manomin da ya gaji amfani da shi, abin da ya dace a tambaye shi shi ne nawa zai karɓa ya haƙura da shi, kuma bincike ya sha nuna wannan adadi yana ninka na farkon. Duk rahoton da zai shafi diyya ko izinin sare itace a Taraba, ya kamata ya fara da auna damin ganye, litar zuma da kayan itacen da gida ke ɗiba a shekara, sannan ya bayyana mutum nawa suka ce ko sisi, da abin da aka yi da amsarsu.