Me Ya Sa Hoton Cikin Ɗaki Ke Yin Tsakuwa-Tsakuwa?

Ƙarancin haske ne sanadi. Idon kyamarar waya ƙarami ne, don haka idan ɗaki ya yi duhu sai wayar ta ɗaga ISO, wato ta ƙarfafa ɗan hasken da ta samu, ta ƙarfafa dattin da ke cikinsa tare. Shi ya sa tsakuwar ta fi fitowa a wuraren inuwa.

A ce amarya za ka ɗauka. Ka juyar da fuskarta wajen taga, kai ka ba tagar baya. Idan wayarka na da Pro, sauke ISO daga 1600 zuwa 400. Amma fa yanzu kyamarar na bukatar lokaci ninki huɗu kafin ta tara hasken, saboda haka ka jingina wayar da bango, amarya kuma ta tsaya cak. Kada ka jawo hoton da yatsu, matsa kusa da ƙafarka.