Tsara Hoton Tallar Sabbin Yadi: Allon Zane da Jerin Ɗauka

Allon zane da jerin ɗauka takardu ne guda biyu da ake shiryawa kafin a kunna kamara domin ɗaukar tallar bidiyo. Allon zane, wanda ma'aikatan fim ke kira sitoribod, jerin ƙananan zane-zane ne da ke nuna abin da mai kallo zai gani, ɗaya bayan ɗaya, daga farkon talla zuwa ƙarshenta. Wannan dabara ta kankama ne a kamfanin Walt Disney na Amurka a farkon shekarun 1930, sannan masu fim da masu talla suka ɗauke ta. Jerin ɗauka kuwa jadawalin aiki ne. A cikinsa ake rubuta kowace ɗauka da lambarta, da girmanta, da inda kamara za ta tsaya, da irin hasken da ake so, da lokacin da za a yi ta.

Tallar yadi tana da wata matsala tata ta daban. Mai saye a Kantin Kwari yakan warware turmi, ya murza bakin yadin da yatsu, ya fito da shi rana ya duba launi, ya ɗora a kafaɗa ya ga yadda zai zauna. Mai kallon talla a waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, don haka dole kamara ta yi masa aikin hannu da ido. Daga nan tsarin yake farawa: kowace ɗauka sai ta nuna ko dai launin yadin, ko zanensa, ko saƙarsa, ko yadda yake zuba a jiki. Ɗaukar da ba ta nuna ko ɗaya ba, komai kyawunta, gara a cire ta tun a takarda.

A ɗauki misalin kamfanin da zai fito da yadi huɗu gab da Sallah: farar shadda, shuɗiyar shadda, atamfa mai manyan furanni, da saƙi mai siraran layuka. Tallar ta daƙiƙa 30 ce, a tsaye za a kalle ta a waya, wato ma'aunin 9:16. Abin da ake fara yi shi ne rabon lokaci. Daƙiƙa 2 na farko na buɗewa ne, a ga yadin huɗu a jere. Daƙiƙa 4 na ƙarshe na sunan kamfani ne da inda ake samun kayan. Saura 24, kowane yadi ya samu 6, a raba su ɗauka uku ta daƙiƙa bibbiyu. Allon zanen zai zama da akwati 14 ke nan, kuma kowane akwati a tsaye ake zana shi, domin zanen da aka yi a kwance yakan yaudari darakta, ya tsara abin da ba zai shiga fuskar waya ba. Babbar riga idan an buɗe hannuwa ta fi faɗi a kan tsayi, kuma a kan takarda ya kamata a gane haka, a matsar da kamara baya ko a sa mai rigar ya naɗe hannuwanta a kafaɗa.

Ɗauka ukun kowane yadi suna da tsari. Ta nesa tana nuna mutum daga kai har ƙafa, a ga ɗinkin gaba ɗaya. Ta tsakiya tana kama motsi, kamar juyawa ko gyara mayafi. Ta kusa tana cika fuskar kamara da yadin kaɗai. Zanen ba ya bukatar gwaninta, ko 'yan sanduna aka zana ya isa, muddin an sa kibiya mai nuna inda kamara ko mutum zai motsa, an kuma rubuta tsawon lokacin a ƙasa. Abin da ke da amfani sosai shi ne a manna ƙyallen ainihin yadin a gefen akwatinsa, saboda mai haske da mai kwalliya su ga launin da za su yi aiki da shi.

A jerin ɗauka ne halin kowane yadi yake fitowa. Zanen shadda a cikin saƙa yake, launinsa ɗaya da na jikin yadin, kuma bambancin yadda zaren ke mayar da haske ne kawai ke bayyana shi. Idan aka haska ta daga gaba, zanen sai ya ɓace, ta koma kamar farin yadi kawai. Saboda haka a layinta ake rubuta cewa fitila ta zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, hannu kuma ya karkata yadin a hankali har sheƙin ya bi ta kansa. Farar shadda tana da ƙarin haɗari, domin haske kaɗan ya yi yawa sai farin ya ƙone, kuma abin da ya ƙone edita ba ya iya dawo da shi. Alamar zebra da ke allon kamara ita ke nuna wurin da hasken ya wuce kima. Atamfa ba ta son wannan haske na gefe. Ita haske mai laushi take so, kuma ɗaukarta ta kusa sai ta kama fure ɗaya cikakke, in ba haka ba mai saye ba zai san girman zanen ba. Saƙi mai siraran layuka yakan haifar da wasu igiyoyi masu rawa a hoto waɗanda babu su a jikin yadin, sakamakon karon layukan da ɗigogin kamara. Maganinsa a matso ko a ja baya kaɗan har su ɓace, kuma a duba a babban allo, domin ƙaramin allon kamara yakan ɓoye su.

Launi shi ne inda talla take jawo rigima da mai saye. Hasken rana yana kusa da 5600K, na tsohon ƙwan fitila kuwa kusan 3200K, kuma idan aka gauraya su shuɗi yakan karkata, fari ya yi ɗorawa. Don haka ana rubuta irin hasken kowace ɗauka, a kuma ɗauki katin launi tare da yadin a farkon kowane saiti, edita ya samu abin da zai daidaita da shi. Ɗaukar motsi ma tana da lissafinta. Idan aka ɗauka a firam 50 cikin daƙiƙa aka kunna a 25, motsin daƙiƙa ɗaya zai cika biyu, a ga yadda yadin ke tashi yana sauka. Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce, shi ya sa ake sa saurin shata a 1/50 ko 1/100 don kada hoto ya riƙa ƙyafta ido a ƙarƙashin fitila. Janareta ba ya tsayawa daidai a kan wannan ma'auni, saboda haka gwaji kafin ɗauka wajibi ne.

Mataki na ƙarshe shi ne sake jera lambobin. Allon zane yana bin labari, jerin ɗauka kuwa yana bin sauƙin aiki. Ɗaukar waje da sassafe ake yin ta, kafin rana ta take ta sa inuwa mai kauri. Duk ɗaukar kusa guda huɗu a haɗe ake yin su a kan tebur ɗaya, lokacin da masu sanya kayan ke canji ko ɗaurin kallabi, saboda sauya saitin fitila shi ke cin lokaci. Shadda tana yamutsewa da zarar an zauna a kanta, don haka ɗaukar tsaye ke gaba da ta zaune, farar kuma ita ake farawa da ita kafin ƙura ko hoda ta taɓa wuyanta. A gefen kowane layi ana barin gurbi inda mai kula da kwantiniti zai rubuta ɗaukar da darakta ya zaɓa, tare da ɓangaren da mayafi ko hula ya karkata, domin idan edita ya haɗa ta nesa da ta tsakiya kada kayan su sauya zama a tsakaninsu.